Tifa Nawa Zai Ci? Lissafin Ciko a Wani Gini a Dakata

A Dakata, gabas da masana'antun Bompai, da wuya ka bi layi biyu ba ka ga ana tayar da sito ko ƙaramar masana'anta ba. A irin waɗannan gine-gine, gardamar da ta fi zafi tsakanin mai gini da ɗan kwangila takan tashi ne ranar ciko, lokacin da bulon fandisho ya fito daga ƙasa, ana shirin zuba abin da magina ke kira jaman fulo. Mai gini ya biya kuɗin dutse daidai da lissafin takarda, an zuba, an daɓe, sai ga rami ya rage. Nan take zargi ya hau kan direban tifa, alhali sau da yawa lissafin ne bai cika ba.

Ga wani sito da cikinsa ya kai mita 20 a tsawo, 10 a faɗi. Daga ciki ake awo, bango zuwa bango, domin bulo mai inci 9 ya riga ya ci nasa wurin. Wanda ya ja tef ta waje zai samu murabba'in mita kusan 214 maimakon 200. Zanen ya ce a shimfiɗa fasassun duwatsu, wato hadko, mai kaurin santimita 20. Idan aka ninka 200 da 0.2, an samu kubik mita 40.

Wannan 40 ɗin kuwa adadin dutse ne bayan daɓe. Tifa tana kawo shi ne a sake, da iska fal tsakaninsa. Shi ya sa fomanin da ya san aikinsa ba ya yarda da ƙiyasi. Yakan sa lebura su shimfiɗa dutsen a wata kusurwa, ya kafa ɗan guntun rodi ya yi masa alama da alli, a bi da injin daɓe har dutsen ya daina sauka, sannan ya sake aunawa. A nan, santimita 12.5 ta koma 10, wato kashi 20 cikin ɗari ya nutse.

A daidai nan mutane da yawa ke zamewa. Sukan ce tunda kashi 20 ne ke nutsewa, a ƙara kashi 20 a kan 40, ya zama 48. Amma in ka daɓe 48, kashi 20 nasa zai tafi, a bar ka da 38.4. Daidai shi ne a raba 40 da 0.8, a samu 50. A ganina duk ɗan kwangilar da ya zauna ya nuna wa mai gini wannan tun kafin a kira tifar farko ya raba kansa da rigima.

Ita ma tifar sai an auna ta, don ba duka girmansu ɗaya ba. Yaro ya hau da tef: tsawo mita 4, faɗi 2.2, zurfi 1.1. Kubik mita 9.7 ke nan idan an cika ta baki da baki. Sawu 5 ya kawo 48.5, saura kaɗan, don haka sawu 6 za a biya, ragowar ta tafi bakin ƙofa inda motocin kaya za su riƙa tsayawa.

A kan dutsen ake baza yashi mai kaurin santimita 5, bilandin a bakin magina, domin ya toshe ramuka, kada tsinin dutse ya huda ledar da ke tare danshi, kada kuma ruwan siminti ya tsiyaye ƙasa ya bar kankare da ƙishi. A takarda kubik mita 10 ne. Sai dai yashin farko ba ya zama a sama, zurarewa yake yi cikin duwatsun, musamman in an yayyafa ruwa. Idan dutsen gauraye ne, manya da ƙanana, kubik mita 12 zuwa 13 kan isa. Idan manya ne zalla, yashi zai yi ta ɓacewa baro bayan baro, kuma gara a fara cike ramukan da ƙananan tsakuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Rana ta take, ana biyan hayar inji, sai a juye santimita 25 gaba ɗaya a bi ta kai sau biyu. Ƙaramin injin daɓe ba ya kai ƙarfinsa can ƙasa, sama ce kawai ke ƙanƙamewa. Hawa biyu ya kamata a yi, kowanne 12.5 ya koma 10, a kuma bi kusurwoyi da gindin bango da madaɓin hannu. Wanda ya tsallake wannan zai ga dutse ya yi masa rara, ya ɗauka riba ce. Bayan ruwan Agusta, an jibge buhuna a kai, sai tsaga ta bi gefen bango, ka ƙwanƙwasa daɓen da guduma ka ji yana amsawa kamar ganga. Gyaransa sai an fasa wurin, an sake ciko, an sake zuba kankare, kayan sito kuma suna waje.