Kwano Ya Iso Babu Tuwo: Yadda Ake Neman Takardar da Ba ta Biyo Imel Ba

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, akantar ofishin da nake aiki a lokacin, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, ta turo mana imel mu tara. Layi biyu ne kacal: ga kasafin kuɗin taron bita nan a haɗe, kowa ya duba kafin zaman ranar Litinin da ƙarfe goma. Na buɗe a waya, na ja ƙasa har ƙarshen saƙon, babu komai sai sunanta da muƙaminta. Kamar dai maƙwabciya ta aiko yaro da kwano a rufe, an ɗaga murfi ba tuwo.

Abin da ya biyo baya ya fi mantuwar ban mamaki. Har aka tashi daga aiki, cikinmu tara babu wanda ya ce uffan. Daga baya na ji uzurin kowa. Wani ya ɗauka sabis ɗin wayarsa ne ya yi rauni, wata ta ce ai tabbas wani ya riga ya faɗa mata, biyu kuma kunya ce kawai ta hana su, wai yaya za su ce wa sa'ar mahaifiyarsu ta yi mantuwa. Ga shi kuma Juma'a aiki rabin yini ne a wajenmu. Da an ci gaba da shirun nan, da Litinin mun zauna muna kallon juna a kan kasafin da ba wanda ya gani.

Wanda ya zargi wayarsa bai yi wauta ba, domin kafin ka rubuta wa mutum cewa takarda ba ta zo ba, ya kamata ka tabbatar ba ta zo ɗin ba. Dubawar ba ta cin minti biyu. A jerin saƙonni, imel mai ɗauke da fayil yakan nuna alamar ɗan ƙarfen nan da ake maƙale takardu da shi, ko kuma sunan fayil ɗin a ƙarƙashin taken saƙon. Idan zance ya yi tsawo, an yi ta amsa wa juna, takardar tana iya kasancewa a wani saƙo na can sama wanda manhajar ta naɗe, sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ma ba fayil aka maƙala ba, mahaɗi ne na Google Drive ko OneDrive aka saka a tsakiyar rubutu, ido ya tsallake shi. Mai amfani da Gmail yana iya rubuta wannan a wurin bincike, ya sa adireshin abokin aikin nasa a maimakon kalmar suna:

```
from:suna has:attachment
```

Duk saƙon da mutumin ya taɓa turo maka da fayil zai fito. In na yau ba ya cikinsu, kuma ka leƙa a kwamfuta ka ga haka nan, to magana ta tabbata. Akwai wani yanayi guda da ke ruɗar mutane: ka ga fayil mai suna winmail.dat wanda ya ƙi buɗuwa. Wannan ba mantuwa ba ce. Outlook ne ya naɗe takardar cikin wani tsari nasa da sauran manhajoji da yawa ba sa karantawa, kuma maganinsa shi ne mai aikowa ya sauya tsarin saƙon zuwa HTML ya sake turowa. Bambancin yana da amfani, domin abin da za ka roƙa a wasiƙarka ya dogara da abin da ka gani.

Me ya sa ma rubutu zai iso, takarda ta yi zamanta? Asalin imel rubutu zalla yake ɗauka. A 1992 ne Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar da ƙa'idar da ake kira MIME, wadda ta ba da damar a raba saƙo ɗaya gida-gida: ga ɓangaren rubutu, ga ɓangaren hoto, ga na takarda. Ɓangarorin nan ba ruwan wani da wani. Kana iya rubuta cewa ka haɗa takardu goma, saƙon ya tafi lafiya lau ba ko ɗaya, domin na'urar da ke kai shi ba ta karanta alkawarin da ka yi a ciki. Gmail da Outlook sun yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka, sukan tsayar da mutum su tambaye shi idan ya rubuta kalma irin "attached" bai maƙala komai ba. Amma kalmomi suke farauta, ba nufi ba. Wanda ya rubuta "ga takardar nan" da Hausa, kamar yadda Hajiya ta yi, kada ya sa rai wani zai ja masa riga.

Na buɗe saƙon nata, na danna Reply, ban danna Reply all ba. Ga abin da na rubuta:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Na samu saƙonki na yau da ƙarfe 4:10 game da kasafin kuɗin taron bita, na gode. Sai dai a wajena rubutun kawai ya iso, fayil ɗin kasafin bai biyo shi ba. Na duba a waya da kwamfuta duka. Don Allah in babu damuwa a sake turo mana, in so samu ne kafin a tafi masallaci gobe, domin mu samu dubawa kafin zaman Litinin. Da alama sauran ma ba su samu ba, ko za a haɗa da su. Na gode, Allah ya ƙara lafiya."

Gajeriyar wasiƙa ce, amma kowace jimla da aikinta. Amsawa a kan saƙon nata, maimakon buɗe sabo, ya sa take da rubutunta na farko suna nan a ƙasa, ba sai ta tsaya tunanin wane imel nake nufi ba. Akanta tana iya tura saƙo ashirin a yini. Shi ya sa kuma na kira takardar da sunanta. "Ban ga abin da kika turo ba" ba ta wadatar, musamman in mutum ya ambaci takardu biyu ko uku; ka faɗi wadda ta zo da wadda ba ta zo ba, in kuma akwai tsohon kwafi da sabo, ka ce wanne kake so.

Inda na fi tsayawa shi ne jimla ta uku. Ban ce "kin manta" ba. Wannan ba ladabi ne kaɗai ba, gaskiya ce ma: a lokacin ban san ko ta manta ba. Abin da na sani shi ne abin da ya iso akwatina. Ofisoshi da yawa suna da matatar da ke cire wasu fayiloli a hanya, shi kansa Gmail ba ya yarda a tura fayil mai ƙarewa da .exe ko da an cusa shi cikin .zip. Wanda ya ce "kin manta" ya yanke hukunci kan abin da bai gani ba, in kuma ya zama ba haka ba ne, sai a koma musu, takarda tana can ba ta zo ba. Faɗar cewa na duba a waya da kwamfuta kuwa ta rufe ƙofar amsar da kowa ya sani, wato "sake dubawa, yana nan".

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Na taɓa ganin wasiƙar wani matashi zuwa ga shugabansa: gaisuwa layi huɗu, neman afuwa layi uku, yana cewa wataƙila wayarsa ce, wataƙila shi ne bai iya dubawa ba. Har ƙarshe bai fito ya ce a sake turowa ba. Ogan ya karanta, ya amsa da "ba komai", aka koma inda aka fara. Girmamawa tana cikin sallama da "don Allah" da "ranka ya daɗe" inda ya dace, amma roƙon kansa dole ya tsaya da ƙafarsa, da lokacin da ake bukata da dalilin lokacin. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Batun Reply all ya dogara da wanda ya rubuto da kuma yawan jama'a. Idan sa'anka ne kuma ku uku ne a saƙon, ba laifi kowa ya gani, hakan ma yana hana a turo masa tambaya iri ɗaya sau uku. Amma gyara wa babba a gaban mutum tara wani abu ne daban. Na zaɓi in gaya mata ita kaɗai, in ambata mata cewa sauran ma suna jira, gyaran ya fito daga hannunta.

Da safiyar Juma'a ta kira ni tana dariya. Ashe ba ta manta ba ne yadda muka zata. Mai ajiyar kuɗi ne ya turo mata kasafin, ita kuma ta danna Reply a kan saƙonsa ta ƙara sunayenmu, tana ganin takardar za ta biyo. Reply rubutu kawai yake ɗaukowa, Forward ne ke tafiya da fayil. Mutane da yawa da suka shekara suna aiki da imel ba su lura da wannan ba, kuma za su iya rantsuwa cewa sun ga takardar a gabansu lokacin da suke turawa. Sun gan ta ɗin, a saƙon da ke sama.

Ta yi Forward, sai saƙon ya dawo mata daga adireshin huɗu daga cikinmu. An yi wa kasafin sikanin ne tare da rasitai, shafi talatin da wani abu, nauyinsa ya kai megabayit 21. Fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka mayar da shi haruffan da imel ke iya ɗauka, saboda haka 21 ta koma wajen 28, akwatin ofishinmu kuwa 25 yake karɓa. Na sake rubuta mata layi biyu: a ɗora shi a Google Drive, a turo mahaɗin, a kuma ba adireshinmu izinin buɗewa, don kada mu tarar da Request access a maimakon kasafi. Jikanta ya taya ta da yamma. Mahaɗin ya shigo bayan sallar magariba, mu tara duka ya buɗe mana, kuma a shafi na shida muka gano an lissafa kuɗin hayar zaure sau biyu.