Bauca Ta Cika, Rijiya Ba Ruwa: Bincike Iri Biyu na Odita-Janar

A ɗauka wata ma'aikatar tarayya ta samu Naira miliyan 200 a kasafin kuɗi don haƙa rijiyoyin burtsatse 40 a ƙauyuka, kowace a kan miliyan 5. An ba da kwangila, an haƙa, an biya. Bayan shekara biyu, yara a wasu daga cikin ƙauyukan sun koma ɗaukar jarka zuwa rafi. Ofishin Odita-Janar na Tarayya zai iya duba wannan aiki sau biyu ya fito da rahoto biyu: ɗaya ya ce lissafi ya daidaita, ɗayan ya ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Duka biyun gaskiya ne, domin tambaya daban kowannensu yake amsawa.

Na farkon shi ne binciken kuɗi, wanda aka fi sani. Tushensa a Najeriya sashe na 85 ne na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Akanta-Janar ne ke haɗa bayanan kuɗin gwamnati na shekara ya miƙa wa Odita-Janar, shi kuma yana da kwana 90 daga ranar da ya karɓa ya kai rahotonsa Majalisar Dattawa da ta Wakilai, inda kwamitocin kula da asusun gwamnati za su zauna a kansa. Sashe na 125 ya yi wa jihohi irin wannan tanadi.

A kan rijiyoyin nan, ga abin da odita zai yi. Zai ce a kawo masa fayil. Zai duba ko majalisa ta amince da kuɗin a kasafi, ya ɗauko takardar ba da kwangila, ya gwada ta da baucar biya, ya ga ko jami'in da ya sa hannu yana da hurumin amincewa da kuɗi mai wannan yawa. Zai nemi takardar shaidar kammala aiki, ya duba ko an cire haraji an kuma zuba shi inda ya dace, sannan ya bi sawun kuɗin a bayanan banki har asusun ɗan kwangila. Yakan zaɓi rijiyoyi kaɗan ya je ya gani da idonsa, don tabbatar da cewa akwai su a ƙasa. Idan miliyan 200 da aka rubuta ita ce ta fita, ta hanyar da doka ta tsara, kuma an shigar da ita a gurbinta, aikinsa ya kammala.

Abin da yake bayarwa a ƙarshe ra'ayi ne, kuma kashi huɗu ne. Ko dai ya ce bayanan sun nuna gaskiya babu sharaɗi, ko ya ce sun nuna gaskiya in ban da wuri kaza, ko ya ce ba su nuna gaskiya ba, ko kuma ya ce ba a ba shi takardun da za su ishe shi ya faɗi ra'ayi ba. Mutane da yawa suna jin na farko sai su ɗauka an wanke ma'aikata daga sata. Ba haka abin yake ba. Odita ba ya bin kowace bauca. Samfuri yake ɗiba, kuma yana da wani mizani na kuɗi wanda kuskuren da bai kai shi ba ba ya sauya ra'ayinsa.

Bincike na biyu, na ingancin aiki, daga inda wancan ya tsaya yake tashi. Ƙungiyar hukumomin binciken kuɗin gwamnati ta duniya, INTOSAI, wadda aka kafa a Havana a 1953, ta ware masa ƙa'idojinsa a ISSAI 300, kamar yadda ISSAI 200 ta tsaya kan binciken kuɗi. Tambayoyi uku ne ginshiƙinsa: an yi tsimi wajen saye? An samu aikin da ya kai kuɗi da lokacin da aka zuba? Bukatar da aka yi aikin dominta ta biya?

A koma kan rijiyoyin. Wajen tsimi, masu bincike za su nemo farashin da wasu hukumomi suka biya a irin wannan ƙasa, da irin wannan zurfi, a shekarar. Idan suka tarar miliyan 4 ne, to an yi asarar miliyan 40, ko da yake kowace kwabo tana da rasit. Wajen lokaci, za su ga aikin da aka ɗiba wa wata 6 ya ci wata 18, su nemi dalili: jinkirin sakin kuɗi ne, ko an ba kamfanin da ba shi da injin haƙa ne, ya je ya yi hayar na wani?

Tambaya ta uku ce ke fitar da su daga ofis. Za su shiga ƙauyuka da injiniyan ruwa, su buga famfo, su tambayi mai unguwa da matan da ke ɗebo ruwa. A ce sun tarar 25 ne ke aiki, 15 sun ƙafe ko sun lalace. Lissafi ya sauya ke nan: miliyan 200 a kan rijiya 25 na nufin kowace mai ruwa ta tashi a kan miliyan 8. Daga nan sai neman musabbabi. Wataƙila ba a yi gwajin ƙasa kafin haƙa ba. Wataƙila da damina aka haƙa, aka tsaya da zarar an ga ruwa, rani na zuwa ruwan ya yi ƙasa. Ko kuma famfo ne ya lalace, ba a kafa kwamitin da zai tara kuɗin gyara ba. Rahoton yakan ƙare da shawarwari kan kowane musabbabi, bayan an ba ma'aikatar dama ta mayar da martani.

Wannan bincike ma yana da iyakarsa. Binciken kuɗi kowace shekara ake yinsa, da ma'auni sananne. Na ingancin aiki kuwa zaɓen batu ake yi, kuma dole a fara tsayar da ma'aunin da za a gwada aikin da shi. Idan ma'aikatar ba ta taɓa rubuta mutum nawa take son su samu ruwa ba, gwajin yakan yi wuya. Yana cin watanni, yana bukatar injiniyoyi, likitoci ko masana ƙididdiga, gwargwadon batun. Haka kuma ba aikin odita ba ne ya ce da makaranta aka gina maimakon rijiya. Wannan shawarar 'yan siyasa ce, shi aiwatarwa yake aunawa.

Ƙarfin doka ma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Birtaniya ta rubuta wannan iko ƙarara a dokarta ta 1983, Ghana kuma a dokar hukumar bincikenta ta 2000. Kundin Ghana na 1992 har ya ba Odita-Janar ikon soke kashe kuɗin da ya saɓa doka, ya ɗora wa jami'in biyansa. A Najeriya rahoton majalisa yake tafiya, kuma kwamitocinta ne ke kiran jami'ai su yi bayani.

Don haka, mai karatu, idan ka ji an ce rahoton odita bai samu wata ma'aikata da laifi ba, ka tambaya wane rahoton ake nufi, na baucoci ko na rijiyoyin da aka buga aka ƙirga.