Ranar da Tarakta Ta Kife: Me Za a Rubuta a Littafin Ƙungiya?

A yawancin ƙungiyoyin manoma, idan tarakta ta yi haɗari, abin da ke shiga littafin sakatare bai wuce layi biyu ba: ta faɗi ranar kaza, an kashe kuɗi kaza wajen gyara. Idan ka tambayi dalili, sai a ce tsautsayi ne. Babu mai musun ƙaddara, amma kalmar tsautsayi ba ta gaya wa makaniki ƙarfen da zai duba, ba ta kuma gaya wa kwamiti wanda ya kamata ya hau sitiyari gobe. Taraktar kuwa ta mutum hamsin ce ko ɗari, kowa da gumin da ya zuba a cikinta.

Mu ɗauki misali irin wanda manoman shinkafa na Kura da Kadawa za su gane nan take. Tarakta ce ta jawo tirela ɗauke da buhunan shanshera, tana bin hanyar da ke kan gaɓar kanal. Direba ya hango rami, ya taka birki, sai kan tarakta ya fizge zuwa dama, tayar gaba ta zame daga gaɓa, ta kwanta a kan gefenta. Direba ya karye a hannu.

Abu na farko shi ne mutum: a kashe inji, a kai shi asibiti. Na biyu kuma, wanda kusan kullum ake tsallakewa, shi ne kada a ɗaga taraktar sai an duba ta yadda take kwance. Jama'a za su taru da igiya da kyakkyawar niyya, cikin rabin awa an miƙar da ita, an ture tirela, ƙafafu sun shafe sawun taya. Daga nan sai labari, kowa da nasa. Wayar hannu ta isa: a ɗauki hoto daga kusurwa huɗu, a ɗauki sawun taya tun daga inda ya fara karkacewa, sannan a matso kusa a ɗauki abubuwa uku, wato giyar da take ciki, lambar da ke kan agogon awoyin aiki, da fedar birki.

Fedar birkin nan ita ce zuciyar wannan misali. Tarakta irin Massey Ferguson 375, wadda ta cika gonakinmu, tana da feda biyu, ɗaya ta tayar baya ta hagu, ɗaya ta dama. A cikin gona direba kan taka ɗaya kawai domin ya yi gajeriyar kwana a ƙarshen kunya. Idan zai hau hanya, akwai ɗan ƙarfe da ake karkatowa ya haɗe su biyun, su kama tare. In an manta da shi, ƙafa ta sauka kan feda ɗaya, taya ɗaya ce za ta tsaya, ɗayar ta ci gaba da turawa, tarakta ta juya. Don haka layin da ya fi kowane daraja a rahoton shi ne: an tarar da ƙarfen a haɗe, ko a buɗe?

Sai dai ko a haɗe yake, magana ba ta ƙare ba. Direban da ya saba yin kwana ta gefe ɗaya yakan cinye birkin wannan gefen fiye da ɗayan. Makaniki ya taka kowace feda ita kaɗai, ya auna da ma'auni nisan da take tafiya kafin ta kama, a rubuta lambobin biyu. Idan ta hagu sai ta yi nisa sosai fiye da ta dama kafin ta ciza, to ko an haɗe su, ta dama ce za ta riga kamawa. A nan laifin ya tashi daga kan direba ya koma kan kula da inji, kuma tambaya ta zama: yaushe aka daidaita birkin nan na ƙarshe, a awa ta nawa? Shi ya sa lambar agogo ke da amfani. Idan yau tana nuna 3,240, littafin gyara kuma ya ce rabon da a taɓa birki tun tana 2,100, an ga tazarar da ido. Ina ba da shawara kada makanikin da ya saba gyara taraktar ya zama shi kaɗai zai duba ta, domin aikinsa ne ake aunawa.

Kaya ma yanayin inji ne. A ƙirga buhunan tun suna zube. Buhu 45, kowane kimanin kilo 80, ya kama kilo 3,600. Idan farantin da ke jikin tirela ya ce tan 3, an ɗora mata kilo 600 fiye da ƙima, kuma tirelar da ba ta da birkin kanta tura tarakta take yi daga baya. A rubuta kuma inda aka ɗaura ta: a sandar ja ta ƙasa, ko an maƙala ta a sama da sarƙa. A ƙara da ko akwai ƙarfen kariya da ke kewaye kujerar direba, da ko ya ɗaura bel, da ko akwai wanda ya ɗare kan murfin taya.

Sai direba. A nan ne rahotanni suka fi yin ƙarya ba da gangan ba. Za a rubuta "ƙwararre ne, shekara goma yana tuƙi," a wuce. Shekara goma yana tuƙa me? Wanda ya yi shekara goma a kan tifa baƙo ne a wurin feda biyu. Wanda ya yi damina biyar yana haro a fili shimfiɗaɗɗe zai iya zama bai taɓa jan tirela mai kaya a kan gaɓa ba. Abin da za a rubuta shi ne damina nawa ya yi a kan tarakta, tun yaushe yake kan wannan taraktar, sau nawa ya yi irin wannan aikin, wa ya koya masa, da ko yana da lasin rukunin F, wanda a Nijeriya shi ne na tarakta da injunan noma. A tambayi ƙarfe nawa ya fara aiki ran nan, domin lokacin girbi mutum kan fita da asuba ya kai dare. A kuma tabbatar wa ke kan kujera. Sau da yawa direban yana gindin bishiya, yaronsa ne ke tuƙi, kuma kowa ya sani, babu mai son faɗa.

Yadda aka yi tambayar shi ke kawo gaskiya ko ya kore ta. Idan sakatare ya shiga ɗakin jinya da "Wa zai biya?", ba zai samu komai ba. Gara ya gaishe shi da jiki, sannan ya ce, "Malam, daga lokacin da ka hango ramin, me ƙafarka ta yi?" A rubuta amsar da kalmominsa, a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala. Shaidu kuma a ji su ɗaya bayan ɗaya, a ranar ko washegari, kafin a zauna a majalisa labarin ya zama iri ɗaya.

A takardar, a raba abin da aka gani da abin da ake zato. "An tarar da fedar birki a rabe" gani ne. "Direba ya yi sakaci" hukunci ne, kuma na kwamiti ne bayan ya karanta komai. Kwafi ɗaya ya shiga fayil ɗin taraktar, ɗaya ya tafi wurin kamfanin inshora idan akwai, ko wurin wanda ya ba da bashin sayenta. A ƙasan shafin a bar wuri na abin da aka yanke, da sunan wanda zai yi, da rana: a daidaita birki kafin ta sake fita, a rubuta iyakar buhu 37 da fenti a jikin tirela, kuma yaron direba ba zai ja kaya a kan gaɓa ba sai ya yi damina guda tare da maigidansa.