Takardar wanke yaron shago: abin da "yi haƙuri" ba ta biya

A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu wasan barkwanci hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara, ta kuma umarce su da su nemi afuwa a bainar jama'a, saboda ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. A ƙarshen 2024 kuma aka kama lauya Dele Farotimi a Legas aka kai shi Ekiti bisa ƙarar da babban lauya Afe Babalola ya shigar, maganar ba ta lafa ba sai da sarakunan Yarabawa suka sa baki a watan Janairu na 2025. Tun daga nan, duk sa'ad da aka ambaci ɓata suna a rediyo ko a majalisa, sai mutane su ɗauka rigima ce ta manya, ta gwamnoni da attajiran lauyoyi. Wannan fahimta ta karkace. Wanda ya fi kowa buƙatar a wanke sunansa yana Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa, yana ɗaga ƙofar shago da sassafe, kuma ba shi da wani jari a duniya sai amanar da aka san shi da ita.

Dokar ba ta bambanta shi da gwamna ba. Sashe na 391 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya ce jingina wa mutum abin da zai zubar masa da mutunci laifi ne, ko da baki aka faɗa, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Dokar ta yi wa mai shago wani rangwame: idan ya kai ƙorafinsa wurin hukuma da kyakkyawar niyya, bai yi laifi ba. Wannan rangwame bai shafi wanda ya tsaya a bakin layi ya ɗaga murya ya kira yaronsa ɓarawo ba. A ɗaya gefen, sashe na 289 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga ma'aikacin da ya saci kayan ubangidansa. Nauyin kalmar da ake jefa wa yaro cikin fushi ke nan.

A ɗauki misali irin wanda duk ɗan kasuwa zai gane. Mai shagon atamfa ya yi lissafin ƙarshen wata, ya ga turmi shida babu, a ce kowane turmi naira 25,000, jimla 150,000. Makullin sito yana hannun yaronsa. Bai buɗe littafin bashi ba, bai tambayi ƙaninsa da ke zama a shagon in ya yi tafiya ba. Ya tara maƙwabta, ya caje aljihun yaron a gabansu, ya kira mahaifin yaron a waya, sannan aka wuce da shi caji ofis. Yaron ya kwana biyu a tsare, ya sa hannu a takarda cewa zai biya da kaɗan-kaɗan don kawai a sake shi, aka kuma riƙe masa albashin wata. Bayan mako uku wata dillaliya ta zo da kuɗin turmi shida. Ƙanin maigida ne ya ba ta bashi ranar da cinkoso ya yi yawa, ya manta bai rubuta ba.

Abin da aka saba yi daga nan kowa ya san shi. Alhaji zai kira yaron cikin shago, ya ce masa ya yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne, ya danƙa masa 'yan kuɗi. Yaron zai durƙusa ya ce ba komai, Alhaji, ai kai uba ne. Amma mutum arba'in ne suka ji zargin, wankewar kuwa mutum biyu ne suka ji ta. Mai shagon da ke layi na gaba, wanda da zai ɗauki yaron aiki baɗi, bai ji ba. Iyayen yarinyar da yake nema ma ba su ji ba, kuma ranar da za su aiko a yi bincike kasuwa za a zo.

Abin takaici shi ne malaman da alƙalanmu suka gada sun daɗe da warware wannan, mu ne muka yi watsi da shi. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a ƙasar Andalus wanda ya rasu a 1426, har yau ana karanta shi a zaurukan malamai, kuma alƙalan kotunan Musulunci na Arewa suna kafa hujja da shi. A cikinsa akwai fasali a kan da'awar sata. Malaman Malikiyya sun kasa wanda ake tuhuma kashi uku. Akwai wanda ya shahara da ɗauke-ɗauke, shi ana matsa masa. Akwai wanda ba a san halinsa ba, shi ana iya tsare shi na ɗan lokaci a bincika. Sai kuma wanda aka sani da kirki. Shi wannan ba a ma sauraron da'awar da ba ta da hujja a kansa, har malamai da dama suka ce mai da'awar ne ya cancanci ladabtarwa. To yaron da maigida da kansa ya riƙe shekara huɗu, ya ba shi makulli, ya aike shi banki da kuɗi, a wane kashi yake? Ai maigidan ne shaidar farko a kan kirkinsa.

Akwai wata ƙa'idar da ita ma aka manta. A fiƙihu, ma'aikacin da aka ɗauka yana aiki ƙarƙashin mutum ɗaya amintacce ne, ba ya lamunin abin da ya ɓata a hannunsa sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Saboda haka al'adar nan ta cire kuɗin duk abin da ya ɓata daga albashin yaro tun kafin a san inda kayan suka shiga ba ta da tushe, ko da kuwa mai yin ta yana sahun gaba a masallaci. Kuma ko da yake haddin ƙazafi, bulala tamanin, a kan zargin zina yake, jifan mutum da sata ba ya tafiya haka nan, yana ƙarƙashin ta'aziri, abin da alƙali ya ga ya dace. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa ayoyi na 105 zuwa 112 na Suratun Nisa'i sun sauka ne a kan wata sata da aka yi a Madina, ɗan gidan Banu Ubairiƙ ya ɗauki sulke aka nemi a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Wankewar wannan mutumin ba a ɗaki aka yi ta ba, ga ta nan ana karantawa a sallah har gobe. Imam Nawawi kuma ya kawo a Riyadus Salihin cewa laifin da ya shafi haƙƙin wani, tubarsa ba ta cika sai an sauke haƙƙin.

Ta yaya ake sauke haƙƙin suna? Da takarda wadda za ta bi sawun zargin duk inda ya taka. A misalinmu, ga irin abin da ya kamata ta ƙunsa:

"Ni wane, mai shago lamba kaza a layi kaza, ina sanar da shugaban layi da maƙwabtana da mahaifin wane cewa ranar kaza ga wata na zargi yarona wane ɗan wane da satar turmi shida na atamfa, a gaban jama'a, na kuma kai shi wurin 'yan sanda. Wannan zargi ba gaskiya ba ne. Kayan bashi aka bayar daga shagona ba a rubuta ba, kuma an kawo kuɗin ranar kaza. Wane bai ɗauki komai nawa ba, ban taɓa kama shi da cin amana ba a shekara huɗu da muka yi tare. Na janye maganata gaba ɗaya. Na mayar masa da albashinsa da na riƙe da kuɗin da iyayensa suka kashe. Ɗana, na zalunce ka, ina roƙon ka yafe mini."

Sai sa hannu da kwanan wata, da shaidu biyu daga cikin waɗanda suka ji zargin da kunnensu.

Jimlar da ta fi kowace aiki a nan ita ce wadda ta faɗi inda kayan suka shiga. Idan babu ita, kasuwa za ta ce an dai yi sulhu, Alhaji ya rufa masa asiri. Da wannan ake gane takardar bogi. Za ka ga an rubuta "an samu rashin fahimta tsakaninmu", ko "na yafe masa", ko "bisa roƙon dattawa na janye ƙara". Duk waɗannan tabbatar da zargin suke yi a fakaice, don ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba. Haka nan janye ƙara a caji ofis ba wankewa ba ce. Dole maigida ya je da kansa ya rubuta wa baturen 'yan sanda cewa kayan sun bayyana, a kuma karɓo takardar alkawarin biya da yaron ya sa wa hannu, a soke ta a gabansa. In an bar ta a fayil, wata rana za ta zama kamar iƙirarin sata da hannunsa. Idan maganar ta riga ta kai kotu, a gaban alƙali za a faɗa, domin ya shiga rubutun kotu.

Masu shaguna suna da tsoro guda, kuma ba a banza ba. Suna cewa takardar za ta zama hujja a hannun yaron in ya je kotu. Gaskiya ne neman afuwa ba ya goge laifin, kuma yaron yana da damar neman diyya. Sai dai hujja tana nan tun kafin takardar: mutum arba'in da suka ji, da littafin 'yan sanda, da dillaliyar da ta kawo kuɗi. Kotuna kuma suna duba janyewar da aka yi da wuri, da zuciya ɗaya, su sassauta diyya, yayin da taurin kai ke ƙara ta. Ana iya haɗa takardar da sulhu a rubuce a gaban shugabannin kasuwa, a faɗi abin da aka biya, kowa ya riƙe kwafi.

Kada kuma a ɗaure yaron da sharaɗin komawa shagon. Wani zai koma, wani zuciyarsa ba za ta iya ba. Takardar tasa ce ko ya zauna ko ya tafi, kuma wanda ya tafi shi ya fi buƙatarta, don ita zai miƙa wa sabon ubangida.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da kwamitocin sulhu da ke zama a kan bashi da rigimar haya da ta 'yan dako kusan kullum. Me ya hana su kafa doka cewa ba a kai yaron shago caji ofis sai an zauna an duba littafin bashi da rasit da sito a gaban shugaban layi? Me ya hana su ce duk wanda ya yi zargi a fili aka gano kuskure ne, a karanta takardarsa a bakin layin da ya yi zargin, a lokacin da kasuwa ta cika? Rundunar 'yan sanda ma tana da nata aikin. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta wuce ta ciniki ko yarjejeniya ba, amma har yanzu ana tsare yara a kan giɓin lissafi, ana sa su sa hannu a kan bashin da ba su ci ba. Jami'in da aka kawo wa yaro da irin wannan ƙara, ya fara tambayar maigida wa da wa ke sayarwa a shagon, wa ke bayar da bashi, kuma yaushe aka ƙirga kayan sito na ƙarshe kafin wannan.