Kuɗin Sallama a Hannu: A Zuba Gaba Ɗaya Ko Wata-Wata?

Mai albashi da ke ware wani abu duk ƙarshen wata yana sayen hannun jari ba shi da wani zaɓi, domin kuɗin a haka suke zuwa masa. Wanda ke tsaka mai wuya shi ne mai dunƙulallen kuɗi a hannu, kamar gado ko kuɗin sallama.

A ce malama ta yi ritaya ta ware naira 600,000, hannun jarin da take so kuma naira 100 ne guda. In ta zuba duka yau, ta mallaki 6,000. In ta raba uku, 200,000 kowane wata, farashi ya sauka zuwa 80 sannan ya koma 100, za ta tashi da 6,500, saboda watan araha ya ba ta 2,500. Amma in farashin ya hau 125, sannan 160, abin da za ta samu 4,850 ne kacal. A ranar, darajar nata 776,000 ce, alhali da ta zuba gaba ɗaya da ta kai 960,000.

To wanne ya fi aukuwa? Kamfanin Vanguard ya duba tarihin kasuwannin Amurka, Birtaniya da Ostareliya a 2012, ya ga cewa zubi ɗaya ya fi riba a kusan biyu bisa uku na lokutan, tunda kasuwa ta fi yawan hawa a kan sauka. A Najeriya ma jira na da nasa kuɗin: a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin da ke kwance a asusu suna jiran layi kuwa zagwanyewa suke yi.

Sai dai lissafi daban, zuciya daban. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara ya kusa ninka daɗin riba mai daidai da ita. Wanda ya zuba komai a kasuwar hannun jarin Legas a watan Maris na 2008, sa'ad da ma'auninta ya haura 66,000, ya gan shi a kusa da 20,000 a farkon 2009. Da yawa sun sayar a lokacin, suka mai da asarar takarda ta zahiri.

A ganina, wanda ya san faɗuwar kashi ɗaya bisa uku za ta hana shi barci, gara ya raba, ko da ribarsa za ta ragu. Amma ya ɗauke shi kamar adashi, ya rubuta rana da adadi, ya kuma taƙaita wa'adin zuwa wata shida ko shekara. Ana gane tsarin ya lalace ran da mutum ya tsallake zubi don farashi ya faɗi, yana cewa bari ƙura ta lafa. Watan da ya tsallake ɗin shi ne na naira 80.