Ƙwayar cutar da kulorin ba ya iya kashewa: abin lura ga masu shan ruwan Kogin Kaduna

A Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, mutane da dama suna ɗaukar ƙaurin kulorin a ruwan famfo a matsayin shaidar tsafta. Gaskiya ne cewa sinadarin yana hallaka ƙwayoyin kwalara da taifot cikin mintuna. Sai dai akwai wata ƙwayar cutar gudawa mai suna Kiriftosiforidiyam, ko Kirifto a taƙaice, wadda ba ta jin kulorin.

Kirifto tana zaune ne a hanjin mutane da dabbobi, musamman 'yan maruƙa, tana kuma fita a cikin kashi a matsayin ƙwai mai ɓawo mai tauri. Girman ƙwan bai wuce maikuromita 4 zuwa 6 ba, wato sai an jera kusan 200 kafin su cika milimita ɗaya. Da damina, ruwan sama yana wanko kashin shanu da na mutane zuwa rafuka da Kogin Kaduna, wanda daga gare shi ne matatun ruwan birnin, ciki har da ta Malali, suke ɗiba.

Masana suna auna ƙarfin kulorin ta hanyar ninka yawansa a lita ɗaya da mintunan da ya yi a cikin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla rabin miligiram a lita bayan minti 30, wanda idan aka ninka ya ba da 15. Amma Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ce kashe kashi 99.9 cikin ɗari na ƙwan Kirifto yana buƙatar kusan 15,300. Idan aka raba wannan adadi da rabin miligiram, za a samu minti 30,600, wato kwana 21. Babu matatar da take tsare ruwa tsawon wannan lokaci, kuma idan aka ƙara kulorin har ya isa, ruwan ba zai shawu ba.

Saboda haka aikin matata shi ne ta cire ƙwan daga ruwa. Ana fara zuba alif, wanda yake sa laka da ƙwayoyin cuta su dunƙule su yi nauyi. Daga nan sai a bar ruwan a manyan tankuna dunƙulen su kwanta, kana a tace shi ta cikin yashi. Ramukan da ke tsakanin yashin sun fi ƙwan girma nesa ba kusa ba, don haka idan alif ya yi kaɗan, ƙwan zai wuce salin-alin. Haɗarin ya fi yawa idan kogi ya gurɓace bayan ruwan sama ba a daidaita awon alif ba, da kuma lokacin da aka mayar da yashin bakin aiki bayan an wanke shi.

Birnin Milwaukee na Amurka ya ga haka a 1993. Matatarsa tana zuba kulorin, amma dagulewar ruwan da take fitarwa ta haura zuwa 1.7 a ma'aunin NTU. An ƙiyasta cewa mutum 403,000 ne suka kamu da gudawa. A yau dokar Amurka ta wajabta wa irin waɗannan matatu kada su wuce 0.3 a kashi 95 cikin ɗari na gwaje-gwajensu na wata. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya kuwa ta amince har zuwa 5. Ke nan ruwa yana iya cika ƙa'idar ƙasa, ya yi garau a ido, alhali tacewar ta gaza.

Ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki, kamar masu cutar ƙanjamau, su ne cutar ta fi yi wa illa. Gudawar ruwa-ruwa takan fara kimanin mako guda bayan kamuwa, tana iya kai wa mako biyu, kuma gwajin kashi na yau da kullum ba ya nuna ƙwan sai likita ya nemi a duba shi takamaimai.

A gida, tafasa ruwa na minti ɗaya yana kashe ƙwan, ko na famfo ne ko na rijiya ko na 'yan ga-ruwa. Kulorin da ake ɗigawa a jarka ba zai yi wannan aiki ba.

Tambayar da ya dace mazauna kudancin Kaduna da wakilansu a majalisar dokoki su yi wa Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna ita ce: nawa ne awon dagulewar ruwan da ke fita daga kowane gurbin tacewa a kullum, musamman daga Yuli zuwa Satumba, kuma yaushe za a riƙa wallafa shi?