Gwajin Trovan a Kano: Me ya sa "ba a ga bambanci ba" ba ya nufin babu bambanci

A shekarar 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kamfanin harhaɗa magunguna na Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin. Kusan rabinsu an ba su Trovan, sauran kuma an ba su seftiriyazon, maganin da likitoci suka riga suka sani. Yara 11 suka rasu: biyar daga waɗanda suka sha Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren.

An daɗe ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, kuma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Sai dai akwai wata tambaya da hayaniyar kotu ta danne. Duk wanda ya ji biyar da shida zai ce magungunan biyu kunnen doki suka yi. Amma da a ce Trovan ya fi tsohon maganin rauni, shin gwajin yara 200 zai iya nuna hakan? Masana ƙididdiga na amsa irin wannan tambaya da zane guda mai sauƙi, wanda ake iya yi a bayan ambulan.

Tudun farko: idan magungunan daidai suke

A ja layi a kwance, a rubuta sifili a tsakiyarsa. Layin na nuna ratar mace-mace tsakanin ɓangarorin biyu, kowane mai yara 100. Dama da sifili, an fi rasuwa a ɓangaren sabon magani. Hagu da sifili, an fi rasuwa a ɓangaren tsohon.

Yanzu a ƙaddara cewa magungunan biyu ƙarfinsu ɗaya, a kuma ƙaddara an maimaita gwajin sau dubu, kowane karo da sababbin yara. Ba kullum ratar za ta zama sifili ba. Wani karo yaran da cutar ta fi galabaitarwa za su taru a ɓangare ɗaya, wani karo a ɗayan. Idan aka ɗiga ɗigo a kan layin saboda kowane gwaji, ɗigogin za su taru kamar gero da aka juye daga buhu a masussuka: tsibi mai tsawo a kan sifili, yana gangarowa ta kowane gefe, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun fantsama nesa.

Faɗin wannan tudu ana iya lissafa shi. Idan yara takwas cikin 100 ke rasuwa a kowane ɓangare, ma'aunin watsuwar shi ne √(2 × 0.08 × 0.92 ÷ 100) = 0.038, wato kusan yara huɗu cikin 100. Ma'ana, ratar yara uku ko huɗu abu ne da dace kawai ke iya haifarwa, ko da babu bambancin komai tsakanin magungunan.

Saboda haka masu bincike ke kafa iyaka. Al'adar fannin ita ce a ninka ma'aunin watsuwar sau 1.96, a ja layi a tsaye a nan, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A wannan lissafi iyakar ta faɗa kan 7.5. Sai ratar ta kai yara takwas kafin a ce an ga bambanci. Ɗan abin da ya tsallake iyakokin biyu daga wannan tudu, kashi 5 cikin 100, shi ne kuskure nau'i na ɗaya: a yi shelar bambanci alhali babu shi.

Tudu na biyu: idan akwai bambanci

A kan layin nan dai, a zana tudu na biyu. Wannan karon a ƙaddara cewa sabon maganin ya fi rauni da gaske: yara goma cikin 100 ke rasuwa da shi, shida da tsohon. Wannan ƙaddarawa ce don gwada ƙarfin gwajin, ba abin da aka tabbatar game da Trovan ba ne. Ratar gaskiya ta zama huɗu, don haka ƙololuwar tudu na biyu na kan huɗu, faɗinsa kuwa kusan ɗaya da na farko.

Duk darasin yana cikin abin da ido zai gani a nan. Tudun biyu sun shiga juna, kamar tsibi biyu da aka juye kusa da kusa har gindinsu ya cakuɗe. Iyakar 7.5 kuma ba ta tsaya tsakaninsu ba. Ta tsaya ne can dama da ƙololuwar tudu na biyu, ta yanka shi gida biyu marasa daidaito.

Ɓangaren da ke dama da iyakar shi ne gwaje-gwajen da za su kama bambancin. Shi ake kira ƙarfin gwaji, kuma a nan kashi 18 cikin 100 ne kacal. Ɓangaren da ke hagu, kashi 82, shi ne gwaje-gwajen da za su ƙare da "ba a ga bambanci ba" alhali yara huɗu cikin kowane 100 na rasuwa a banza. Wannan shi ne kuskure nau'i na biyu, wanda littattafai ke yi wa alama da β. Ƙarfin gwaji shi ne abin da ya rage idan an cire β daga ɗaya.

Wato gwajin da girmansa ya yi daidai da na Kano, sau huɗu cikin biyar zai wuce irin wannan bambanci bai gan shi ba. Mai neman allura da fitilar da ba ta da mai, idan ya ce bai gani ba, gaskiya ya faɗa, amma maganarsa ba ta nuna babu allura a ɗakin ba.

Abubuwa uku da ke sauya zanen

Na farko shi ne girman bambancin. Idan sabon maganin ya ninka mace-macen, 12 maimakon shida, tudu na biyu zai matsa dama zuwa kan shida. Duk da haka ƙarfin gwajin kusan kashi 32 ne. Ko ninkin mutuwa ma, sau biyu cikin uku zai kuɓuce wa gwajin yara 200.

Na biyu shi ne inda aka kafa iyaka. Ana iya jawo ta hagu domin ta kama ƙarin tudu na biyu, amma tana matsowa tana cin tudu na farko. Rage kuskure na biyu ta wannan hanya ƙara na farko ne. Zani ne gajere: a rufe kai, ƙafa ta fito.

Na uku, wanda ke hannun mai bincike, shi ne yawan waɗanda aka sa a gwajin. Ƙarin mutane ba ya matsar da tudun, tsuke su yake yi, har gindinsu ya fara rabuwa. Sai dai tsukewar na da tsada: sai an ninka mutane sau huɗu kafin faɗin ya ragu da rabi. Da yara 400 a kowane ɓangare, watsuwar ta koma kusan biyu, iyakar ta dawo 3.8, ƙarfin gano ratar huɗu ya kai kusan kashi 55. Don a kai kashi 80, wanda shi ne mizanin da aka saba nema, ana buƙatar yara kusan 720 a kowane ɓangare, fiye da 1,400 ke nan, ninki bakwai na abin da aka tara a Asibitin Zana.

To me biyar da shida ke faɗa?

Ana lissafin ƙarfin gwaji ne kafin a fara, domin a san ko aikin zai iya amsa tambayarsa. Bayan an gama, abin dubawa shi ne tazarar da sakamakon ya bari a buɗe. Idan aka ɗauki biyar cikin 100 da shida cikin 100, ratar ɗaya ce, amma kewayenta na rashin tabbas ya kai kusan shida ta kowane gefe. Alƙaluman sun dace da cewa Trovan na ceton ƙarin yara bakwai cikin 100, sun kuma dace da cewa yana jawo asarar ƙarin yara biyar. Adalci shi ne a ce ba su nuna ya fi ba, ba su nuna ya gaza ba, ba su kuma nuna daidai yake da tsohon ba.

Zanen ma na da iyakarsa. Yana ɗauka ne cewa an ba ɓangaren kwatance maganinsa yadda ya dace. A Kano, iyalai sun yi zargin an rage adadin seftiriyazon da aka ba yaran, kamfanin kuma ya ce abin da aka bayar ya wadatar. A kowane gwaji, idan aka raunana ma'aunin kwatance, tudu na biyu kan matso kusa da na farko, bambancin ya ƙara ɓuya, kuma ƙarin mutane ba ya gyara wannan. Haka nan illar da ba ta cika aukuwa ba. Abin da ke samun mutum ɗaya cikin dubbai da wuya ya bayyana cikin yara 100. A 1999, bayan maganin ya shiga kasuwa, hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da Trovan saboda lahanin hanta, na Turai kuma suka dakatar da shi.

Darasin bai tsaya a asibiti ba. A ce an raba sabon irin gero ga manoma goma a Kaikai ta Ƙaramar Hukumar Kusada, aka kwatanta girbinsu da na wasu goma, rahoto ya fito cewa babu bambanci. Gonaki sun sha bamban wajen ƙasa, taki da lokacin shuka, don haka tudun biyu za su yi faɗi, su kusan haɗiye juna. Ana iya watsar da iri mai kyau, ko a ci gaba da raba marar kyau, bisa gwajin da tun farko ba shi da idon gani.

Duk rahoton da ya ce "ba a ga bambanci ba", akwai tambayoyi uku da ya kamata ya amsa: mutum nawa aka gwada, wane girman bambanci aka shirya gwajin ya kama, kuma kashi nawa cikin 100 ne damar kama shi. Idan aka yi wa gwajin Kano tambayar ƙarshe a kan ratar yara huɗu, amsar ita ce 18.